Lissafin Ƙasar Ciko Bayan An Zuba Kankare An Ta Da Bangon Harsashi: Misali Daga Katuru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini ya san cewa ƙasar da aka haƙo daga ramin harsashi ba ta komawa cikinsa duka. Dalili kuwa a fili yake, watau kankaren da aka zuba da bulon da aka jera sun riga sun zauna a wani sashe na gurbin da ƙasar ta bari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ake gane yawan wadda za ta koma, da yawan wadda za ta saura a waje, tun kafin a sa diga a ƙasa. A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana wannan lissafi daki-daki, mu kuma nuna cewa lambar da ake samu a takarda tana nufin gurbi ne, ba tulin ƙasar da ido ke gani a bakin rami ba. Rashin bambanta waɗannan biyu shi ne tushen yawancin gardamar da ake yi tsakanin mai gini da magini a kan kuɗin lebura da kuɗin tifa.

Mun zaɓi mu kafa misalinmu a Katuru, cikin Ƙaramar Hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara, saboda yanayin ƙasar yankin. Wanda ya taso daga Ƙaura Namoda ko Zurmi ya nufi arewa zai lura cewa ƙasa mai tsakuwa da marmara tana raguwa, jigawa tana ƙaruwa, sa'an nan ga fadamu masu laka a bakin gulaben Gagare da Bunsuru. Ke nan magini guda yana iya haɗuwa da ƙasa iri uku a cikin tafiyar yini ɗaya, kuma kowace da halinta idan aka zo ciko.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi shi ne mita kubik, watau abin da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, da faɗin mita ɗaya, da zurfin mita ɗaya. Maginanmu har gobe da inci suke kiran bulo, saboda haka inda muka ce bulo mai inci tara, kaurinsa a lissafi mita 0.225 ne.

2.0 Ginin da za mu auna

Mu ɗauka jama'ar wata unguwa a Katuru sun yi aikin gayya za su gina azuzuwa biyu a jere. Tsawon ginin daga waje mita 15.00 ne, faɗinsa mita 7.50, da bango guda a tsakiya wanda ya raba azuzuwan. Za a yi bangon da bulo mai inci tara. Faɗin ramin harsashi mita 0.675, watau ninki uku na kaurin bango, kamar yadda aka saba a irin wannan ƙaramin gini. Zurfinsa mita 0.90, kaurin kankaren da za a zuba a gindinsa kuwa mita 0.225.

Kafin a fara haƙa, akan kankare ƙasar sama, mai saiwoyi da taki da ruɓaɓɓen ganye, misalin santimita 15, a tara ta gefe guda. Daga wannan sabon fili ne muke auna zurfin mita 0.90. Ƙasar saman nan ba ta cikin lissafin ciko ko kaɗan, domin abin da ke cikinta yana ruɓewa ya bar kogo, kuma abinci ne ga gara.

Matakin farko shi ne a san tsawon ramin. A nan ne ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe, domin sukan ɗauki kewayen gini daga waje, watau mita 45.00, su yi aiki da shi. Idan aka yi haka an ƙirga kowace kusurwa fiye da yadda take. Abin da ya kamata a bi shi ne layin da ya ratsa tsakiyar bango, wanda kuma shi ne tsakiyar rami. Ana samunsa ta hanyar ɗebe kaurin bango sau huɗu daga kewayen waje:

45.00 − (4 × 0.225) = 44.10

Bangon tsakiya kuwa yana da tsawo biyu, kuma wajibi ne a riƙe wannan. Shi bangon kansa yana tashi daga fuskar bangon waje ta ciki zuwa ɗaya fuskar, watau 7.50 a ɗebe 0.45, ya zama mita 7.05. Amma raminsa bai kai haka ba, domin ramin waje ya riga ya ci santimita 22.5 ta kowane gefe, saboda haka abin da za a haƙa sabo mita 6.60 ne kurum. Jimlar tsawon rami ke nan mita 50.70, jimlar tsawon bango kuma mita 51.15.

3.0 Abin da aka haƙa, da abin da ya zauna a gurbinsa

Yanzu lissafin ya zama mai sauƙi. Ƙasar da aka haƙa ita ce tsawon rami sau faɗinsa sau zurfinsa:

50.70 × 0.675 × 0.90 = 30.80

Kankare ya cika faɗin ramin duka, amma kaurinsa mita 0.225 ne:

50.70 × 0.675 × 0.225 = 7.70

Daga saman kankare zuwa bakin rami saura mita 0.675, watau layin bulo uku a ƙiyasce. Bangon da ya nutse a cikin ƙasa ke nan:

51.15 × 0.225 × 0.675 = 7.77

Kankare da bango sun tare mita kubik 15.47. Idan aka ɗebe wannan daga 30.80, gurbin da ya rage na ciko mita kubik 15.33 ne. Watau rabin abin da aka haƙa ne, ko kusa da haka, zai koma, rabi kuma ya zama rara.

Akwai abubuwa biyu da ke ɓata wannan mataki. Na farko, wasu kan auna bangon harsashi har zuwa inda daɓen ɗaki zai zauna, alhali layin bulon da ya fito sama da bakin rami bai kori ƙasar kowa ba. A misalinmu, in da za a haɗa da layi biyu na sama, da an ɗebe ƙarin mita kubik 5.18 ba gaira ba dalili, ciko ya koma 10.15, a kuma zalunci leburan da za a biya da wannan lamba da sulusin aikinsu. Na biyu shi ne batun ramukan cikin bulo. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mana hujjar cewa tun da bulo yana da kogo, ai bai tare gurbi duka ba. Tunanin ba laifi, amma ƙasar ciko ba ta shiga kogon. A aikin kirki ma da kankare mai ruwa-ruwa ake cika bulon harsashi. Don haka ana ɗaukar bangon kamar dunƙulallen abu.

Yana da amfani a raba wannan 15.33 gida biyu, domin ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Tsirin da ke bayan bango ta waje ya ɗauki mita kubik 6.97, wanda ke cikin azuzuwa kuwa ya ɗauki 8.36. Na cikin nan, a kansa gefen daɓe zai kwanta. Na waje kuma shi ne zai karɓi ruwan da ke zubowa daga kwano duk damina. Za mu dawo kan wannan nan gaba.

4.0 Ƙasa ɗaya, girma uku

Lambar 15.33 da muka samu girman gurbi ne. Ita kuwa ƙasa ba ta tsayawa a girma ɗaya. Tana da girman da take da shi a kwance kafin a taɓa ta, da girman da take yi idan diga ta farfasa ta iska ta shiga tsakaninta, da kuma girman da take komawa bayan an daka ta a cikin rami. Kowace mace da ta taɓa tankaɗe gari ta san mudun da aka tankaɗe ya fi wanda aka danna cika ido.

Yawan kumburin ya danganta da irin ƙasa. Rairayi da jigawa kumburinsu kaɗan ne, bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Laka kuwa, da yake gunduwa-gunduwa take fitowa, tana iya wuce kashi 30. Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a san na wani fili. A haƙa ɗan rami mai kusurwa huɗu wanda aka auna sosai, a riƙa zuba ƙasarsa a kwanon sarki ana ƙirgawa, sa'an nan a gwada abin da kwanonin suka ɗauka da girman ramin. Aikin rabin sa'a ne.

Domin misali, mu ɗauka mun gwada a filinmu mun sami kashi 20 cikin ɗari. Ƙasar da lissafi ya ce 30.80 ce za ta zama tuli mai mita kubik 36.96 a bakin rami. Domin a cika gurbin 15.33 har ƙasar ta koma yadda Allah ya ajiye ta, sai an kwashi mita kubik 18.40 daga tulin. A ƙa'idar da aka saba, kwanon sarki biyu ne ke ɗaukar buhun siminti guda, watau kowane kwano misalin mita kubik 0.0175. Ke nan wannan ciko da ake rainawa ya haura kwano dubu. Wanda ya yi jinga da lebura ba tare da sanin wannan ba, ko dai ya cuce su, ko kuwa su rama ta hanyar tura ƙasar da shebur su tattake samanta da ƙafa su tafi.

Har ila yau, idan aka daka ciko yadda ya kamata, sau da yawa yakan fi ƙasar asali matsewa, musamman a jigawa wadda dama sakwa-sakwa take kwance. In muka ɗauka ta matse da kashi 10 cikin ɗari, to gurbin 15.33 zai cinye abin da ya kai mita kubik 17.03 na ƙasar asali, rara kuma ta sauko daga 15.47 zuwa 13.77. Wannan yana ba mu wata hanya ta bincike wadda mai duba aiki zai yi amfani da ita ko da bai ga lokacin da aka yi cikon ba. Idan aka ce an gama, amma tulin da ya saura ya fi abin da lissafi ya nuna nesa ba kusa ba, to ƙasar da ta shiga ramin ba ta kai yadda ake bukata ba, watau ba a daka ta ba. Yawan rara a nan shaida ce a kan magini.

Ya kamata malamai masu koyar da ƙiyasin gini su nuna wa ɗalibai cewa a takardar ƙiyasin kwangila girman gurbi ake rubutawa, ba a ƙara kumburi a cikin adadi. Ɗan kwangila shi ne zai sa kumburin a cikin farashinsa. Amma a aikin gayya irin namu, inda babu irin wannan takarda, kuma da tifa ko amalanke ake cinikin ƙasa, dole mai lissafi ya juya lambarsa zuwa girman tuli da kansa, ya kuma sa awo ya auna bodin motar maimakon ya dogara da sunan da direba ya kira ta da shi.

5.0 Idan rami ya fi yadda aka zana

A takarda gefen rami a miƙe yake kamar an yanka da wuƙa. A jigawar Katuru ba haka abin yake ba, balle in an bar ramin a buɗe ya sha rana da iska, ko kuwa ruwan farko ya same shi. Gefen yakan zube. Mu ɗauka bayan an zuba kankare, kowane gefe ya zube da santimita 10 daga saman kankaren zuwa baki. Ƙarin gurbin da aka samu shi ne:

50.70 × 0.20 × 0.675 = 6.84

Ciko ya tashi daga 15.33 zuwa 22.17, watau aikin lebura ya ƙaru da kusan rabi. Amma abin lura a nan, wanda yakan ba ɗalibai mamaki, shi ne rara ba ta ƙaru ba. Ƙasar da ta zube za ta koma inda ta fito. Rara daidai take da abin da kankare da bango suka tare, kome faɗin ramin. Saboda haka wanda ke son sanin ƙasar da za ta saura ba ya bukatar auna rami sam, kankare da bango kurum zai auna.

Sai dai idan tun daga gindi aka faɗaɗa ramin, to a nan asarar ta siminti ce, domin kankare yakan bi rami ya cika shi. In masu haƙa suka yi faɗin mita 0.75 maimakon 0.675, bambancin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kankaren zai ƙaru da mita kubik 0.86. A haɗin siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, wannan ya kusa buhu huɗu. Maganinsa kuwa sanda ce kawai, a yanka ta daidai faɗin rami a ba kowane mai diga ya riƙa gwadawa.

6.0 Ina rarar za ta?

A ginin gargajiya wannan tambaya ba ta taso ba. Daga kududdufi ake ɗebo ƙasar tubali, harsashin kuwa ba shi da zurfi, ɗan abin da aka haƙo yakan shige cikin kwaɓi. Ginin bulo ne ya zo da tulin ƙasa a gefen aiki, ya kuma zo da wani zato da ya yaɗu, cewa wannan tulin zai isa a cike cikin ɗaki a ɗaga daɓe. Bari mu gwada zaton da lamba.

Filin cikin azuzuwan biyu, bayan an ɗebe bangaye, mita 14.325 ne sau 7.05, watau murabba'in mita 101 a ƙiyasce. Idan aka baje rarar 15.47 a kan wannan fili aka daka, kaurinta santimita 15 ne da ɗan ɗoriya. In kuwa 13.77 ce, bai kai santimita 14 ba. Mu tuna cewa santimita 15 muka kankare na ƙasar sama tun farko. Ashe rarar duka, iyakarta ta mayar da cikin ɗakin daidai da filin da ke kewaye da shi, ba ta ɗaga shi ko da taƙi ɗaya ba. A garin da ruwan Agusta ke kwanciya a tsakar gida, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Idan ana son ciko mai kaurin santimita 30 kafin a zo ga duwatsu da kankaren daɓe, ana bukatar mita kubik 30.30. A ɗebe 13.77, saura 16.53 wadda sai an sayo daga waje, kuma wannan ma girman dakakkiya ce, sai an ƙara mata kumburi kafin a san yawan tifa. Kwamitin da bai sa wannan a kasafinsa ba zai tarar kuɗi sun ƙare bango yana tsaye, kuma a irin wannan hali ne ake jawo ƙasar saman nan da aka ware, har da shara da ɓaraguzai, a tura cikin ɗaki a rufe.

Wannan duka in ƙasar ta cancanci komawa ke nan. A fili mai jigawa ko jar ƙasa mai tsakuwa, ta cancanta. A gefen fadama kuwa, inda laka ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ra'ayinmu shi ne kada a mayar da ita ta cikin ɗaki ko kaɗan. A nan ne rabon da muka yi a baya zai yi amfani: mita kubik 8.36 na tsirin ciki sai a haɗa shi da abin da za a sayo, ya zama 38.66, lakar kuma a nemi inda za a kai ta.

7.0 Yadda ake cikon, da yadda ake gane wanda bai yi ba

Ba a fara ciko sai bango ya yi ƙwari, kankaren cikin bulo ya kama. Ana zuba ƙasar ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a daka shi kafin a ƙara wani. A zurfin mita 0.675 hawa biyar ke nan. Tsirin kuwa faɗinsa santimita 22.5 ne kacal, babu injin da zai shiga, sai madaɓi mai ɗan siririn kai ko guntun katako mai nauyi. A riƙa cika gefe biyu na bango tare, domin idan aka cika waje aka daka alhali ciki fanko ne, ɗanyen bango yana iya karkata, kuma ba lalle ido ya gani ba sai an ja kirtani.

Danshi ma yana da iyaka. Tun 1933 injiniya Ralph Proctor na Amirka ya nuna cewa kowace ƙasa tana da wani ma'aunin ruwa wanda a kansa ta fi matsewa. Kasa da haka ba ta haɗuwa, sama da haka kuma ruwa ne ke tare gurbin da ƙasa za ta shiga. A wurin aiki ana gane shi da hannu: a dunƙula ƙasar, in ta riƙe siffarta ba ta jiƙa tafin hannu ba, kuma ta fashe gida biyu ko uku idan aka sake ta ta faɗi, to ta yi. Al'adar nan ta tura ƙasa duka a kwarara mata ruwa a bar ta ta kwanta tana ɗan yin aiki a tsantsar rairayi, inda ruwa ke wucewa da sauri. A ƙasa mai laka kuwa taɓo kawai ake haɗawa a gindin bango.

Cikon da ba a daka ba yakan tona asirin kansa a damina ta farko ko ta biyu. Ta waje za a ga ƙasa ta lotsa a jikin bango kamar an ja kwalbati, ruwan kwano yana taruwa a ciki yana gangarawa zuwa kankaren harsashi maimakon ya yi nesa da gini. Ta ciki kuma za a ga tsaga a daɓe tana bin bango, tazararta da shi misalin taƙi ɗaya, daidai inda bakin ramin yake a da. In aka ƙwanƙwasa wurin da sanda sai a ji ƙara irin ta ganga, alhali tsakiyar ɗaki tana amsawa da nauyi. Shafa siminti a kan irin wannan tsaga ba ya hana ta dawowa. Sai an fasa gefen daɓen, an kwashe sakwarkwatacciyar ƙasar har zuwa inda ta yi tauri, an sake cikawa hawa-hawa, sa'an nan a sake zuba daɓen. A azuzuwan misalinmu, tsawon wannan gefe ya kai mita 55.